Ɗakin da Maitama zai iya shiga

Duk wanda ya taɓa sayen masara a kasuwar Funtuwa ya san Maitama mai sikeli, mutumin da ba a taɓa jin "ba lafiya" a bakinsa ba. A damina ta 1984, yana saurayi ɗan dako a gidan gurzar auduga, dilar auduga guda ta zamo daga kan mota ta danne masa baya. Tun daga ranar ƙafafunsa ba su sake motsi ba. Amma in ka gaishe shi da jiki, sai ya gyara hula ya ce, "Da sauƙi, ƙafa ce ke ɗan taɓa ni." Ɗan taɓawa kuwa, ga mutum zaune a keken guragu!

Asirin wannan sauƙi Ladidi ce, matarsa. Ita ke ɗaga shi daga gado, ita ke shigar da shi banɗaki, ita ke cuɗa masa baya, har furfura ta cim musu babu wanda ya ga tsiraicin lalurarsa. Sai ciwon ƙoda ya kwantar da ita, ɗansu Abubakar ya kai ta asibiti a Alƙahira. Bayan mako biyu Abubakar ya bugo waya: "Baba, za a yi aikin ranar Laraba. Kai take ta kira."

Biza ta fito, tikiti ya samu. Masauki ne ya tsaya wa Maitama a wuya, don Abubakar a kujerar asibiti yake kwana, ba zai rabu biyu ba. Sai Maitama ya tura kekensa zuwa shagon kwamfuta na Ifeyinwa, 'yar marigayi Ambrose mai kayan gini, haifaffiyar Funtuwa wadda Hausa ta fi zama a bakinta.

"'Yata, aika wa otal ɗin nan na kusa da asibitin imel. Ki ce dattijo ne mai ɗan ciwon ƙafa, a taimaka."

"Baba, ɗan ciwon ƙafa?"

"Haka na ce."

Ta rubuta haka. Washegari amsa ta zo da hotuna: sun ware masa ɗaki kusa da lif. Ifeyinwa ta juya masa fuskar kwamfutar. Matakala a ƙofar shiga otal, ƙofar banɗaki 'yar siririya, ga baho wanda sai mutum ya ɗaga ƙafa ya tsallaka. Maitama ya ga kansa a ƙasar da ba ya jin yarenta, fitsari ya matse shi, keke ya ƙi shiga ƙofa.

"Abin da ka faɗa musu shi suka ba ka, Baba," in ji ta. "Sun ce suna da ɗaki ɗaya na masu keke a ƙasa, da shawa marar tudu da kujerar wanka da ƙarafan riƙewa. Amma suna tambaya: kana iya taka matakala? Mene ne faɗin kekenka? Kana iya komawa kan gado da kanka?"

"A gaban baƙon da bai san ni ba zan kwance wa kaina zani a kasuwa?"

Ya juya kekensa cikin fushi ya fita, kunya da tsoro suna cinsa. A bakin shagon wayarsa ta yi ƙara. Ladidi ce, muryarta kamar daga cikin rijiya.

"Ya jikin, Ladidi?"

"Da sauƙi, Malam. Ɗan taɓawa ne."

Maitama ya fi kowa sanin abin da ke kwance a ƙarƙashin wannan magana, shi da ya tsufa yana faɗinta. Hawaye suka zubo masa a gaban masu wucewa, bai share ba.

Ya koma ciki. Aka karɓo tef ɗin awo wurin Ganiyu tela, aka auna keken daga taya zuwa taya: inci ashirin da shida.

"Rubuta," ya ce. "Ba na tsayuwa, ba na taka ko matakala ɗaya. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba na jin komai. Ina iya jan jikina kan gado in bai fi keken tsawo ba. Ina buƙatar ƙarfe kusa da masai. Ki roƙe su, don Allah kada su ba wani ɗakin nan."

Yatsun Ifeyinwa suna ta gudu, sai ta tsaya.

"Saura tambaya ɗaya, Baba. Sun ce akwai mai taimaka maka da zai sauka tare da kai?"

Maitama ya girgiza kai.

"Ki ce babu. Mai taimakon nawa ita ce a kwance, wurinta zan je."