Wasalin da Gara ta Ci

Takardar nan har yau tana cikin aljihun tsohuwar jakata, ta yi laushi saboda ninkewa. Shugabar laburarenmu na Daura ce ta rubuta mana ita, mu 'yan sa-kai mu shida da muka yarda mu riƙa buga tsofaffin wasiƙun ajami a kwamfuta da boko. An kwaso wasiƙun ne daga gidajen dagatai da hakimai, aka ɗauki hoton kowane shafi, aka mayar wa masu su abinsu. Hotunan kawai muke gani a allon kwamfuta, mu karanta mu buga.

Ranar da ta raba mana takardar raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Yarinyar nan ni na koya mata baƙi da wasali a aji uku na firamare, da hannuna na riƙe nata ta ja layi. Yau na yi ritaya, gemuna ya yi fari, ita ce za ta gaya mini yadda ake karatu. Ga abin da ta rubuta:

“Ku buga abin da idonku ya gani kawai. Kada ku gyara wa marubuci kuskurensa. In kun karanta kalma amma ba ku tabbata ba, ku sa ta cikin baka mai kusurwa da alamar tambaya, kamar haka: [gona?]. In karatu biyu ne ke yiwuwa, ku kawo duka biyun: [gona?/guna?]. In ba ta karantuwa sam, ku rubuta [ba ya karantuwa], in kuma takardar ce ta huje ku rubuta [rami]. Inda layi ya ƙare a hoto, nan naku zai ƙare. Kowane shafi sai mutum na biyu ya duba shi.”

Na ce mata, “Malama, duk wannan baka-bakan na mene ne? Mai hankali ai yana gane abin da ake nufi.”

Ta sunkuyar da kai kamar tana gabana a aji, amma ba ta janye ba. “Baba Malam, tun da aka dawo da shari'a mutane ke zuwa nan neman tsohuwar takarda kan gado da iyakar gona. Abin da muka buga yana iya kaiwa gaban alƙali. In muka yi zato ba mu nuna zato ba ne, wani zai rantse a kansa.”

Na ninke takardar na cusa a jaka. A raina na ce ilimin zamani ke nan, tsoro ya yi masa yawa.

Akwai dalilin da ya sa na shiga aikin, ban kuwa gaya wa kowa ba. Na ji cewa cikin hotunan akwai na ƙasar Zango, can ne kuwa asalin mahaifiyata. Mahaifinta falken shanu ne. Tana 'yar shekara bakwai ya kora garken mutanen ƙauyensu ya nufi arewa, wajen iyaka, bai sake dawowa ba. Ba gawa, ba saƙo. Masu shanun suka ce ya gudu da dukiyarsu, aka riƙa kiranta 'yar wanda ya gudu har ta yi aure ta bar garin. Tun ina yaro, duk sanda ta idar da salla takan yi wa matattunta addu'a ɗaya bayan ɗaya, in ta zo kansa sai ta ce, “Allah ya jiƙansa, in ya mutu.” Shekarunsa sun daɗe da wuce na mai rai, amma ba ta taɓa yar da wannan “in” ɗin ba. Abin da take so ta sani shi ne ko mutuwa ce ta hana shi dawowa gare ta, ko kuwa yana da rai ya zaɓi kada ya dawo.

Na roƙi a ba ni kason Zango, aka ba ni. Wata biyu ina fama da wasiƙun jangali da na rigimar makiyaya da manoma, wuta ta zo mu buga, a ɗauke mu zauna muna fifita da kwali. Wata ranar Talata da hantsi na buɗe wani hoto, wasiƙar wani dagaci zuwa ga hakimi, layi tara. A layi na biyar na ga sunan kakana da sunan ubansa da sunan ƙauyensu. Sai da na cire tabarau na goge.

Bayan sunan an rubuta “ya”, sannan harafin ra da wasalinsa a bisa, sannan harafin sin. Daidai saman sin ɗin gara ta ci takardar, ramin ya zarce ya haɗiye kalmar da ke biye. Bayan ramin sai “a Kongolam”, garin da ke bakin iyaka. Wanda ya yi makarantar allo ya san abin da wannan ke nufi. In rufu'a ce a kan sin, an ce ya rasu. In wasali bisa ne, an ce ya rasa, watau ya rasa wani abu a Kongolam, shanun mutane mai yiwuwa, kunya ta hana shi komawa gida. A bakin ramin akwai ɗan guntun tawada, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero. Na ƙara girman hoton har ya dushe. Zai iya zama wutsiyar rufu'a, zai iya zama ƙarshen wasali bisa. Sauran layukan maganar wata rijiya ce, ba su ƙara komai ba.

Na san abin da takardar Malama ta ce in yi. Na san shi sarai. Na buga “ya rasu” tsirara, ba baka ba alama, na sa [rami] a bayansa don a ga kamar na bi doka. Na fitar da shafin a takarda ba tare da mutum na biyu ya duba ba, na hau babur na nufi gida.

Na tarar da Inna a zaune a tabarma a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Da yake ni ne ɗanta na fari ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce “kai”. Na durƙusa na karanta mata layin. Ta ce in sake. Na sake. Ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta rufe fuska da gefen mayafi, ta yi kuka irin wanda ban taɓa jin ta yi ba, ko ranar da mahaifina ya rasu.

“Ashe ba guduwa ya yi ba,” in ji ta. “Ashe a hanya ya faɗi.”

Ranar Juma'a ta sa aka yi waina da kunu aka raba sadaka. Ta aika Zango a gaya wa jikokin masu shanun, waɗanda ba su ma san zancen ba. Da ta idar da sallar la'asar na ji ta ce, “Allah ya jiƙansa,” ta tsaya nan. Na ji daɗi, na kuma ji tsoro, tsoron ya fi yawa.

Mako biyu bayan haka shafin ya isa hannun Malama, don ita ce mai dubawa ta biyu a kason Zango. Ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa, ta juyo mini da allon.

“Baba Malam, ina wasalin da ke kan sin ɗin nan?”

“Ga wutsiyarsa nan. Shekara nawa ina karanta ajami kafin a haife ki?”

“Na ga tawadar. Ban ga rufu'a ba. Na aika an duba ainihin takardar a gidan hakimin, ramin ma ya fi na hoton girma yanzu.”

Na ɗaga murya, na ce mata ba ta da kunya. Daga nan na gaya mata ko wane ne mutumin, da abin da na riga na faɗa wa tsohuwa. Idonta ya kawo ruwa.

“Abin da kuka faɗa a gida, tsakaninku da Inna ne, ba zan je in warware ba. Amma a nan ba zan iya barinsa haka ba. Kuma ku nake so ku gyara da hannunku.”

Na ƙi. Na ɗauki hulata na fita, na yi kwana goma ban leƙa laburaren ba.

Ba Malama ce ta tona ni ba. Inna ce da kanta ta ce tana so ta ga rubutun, ba na bokon ba, na ainihi, inda aka rubuta sunan ubanta. Na yi ta kawo uzuri har ta fara kallona. Dole na sa aka tura mini hoton a waya, na kai mata da safe, lokacin da idonta ya fi gani. Na manta, ko na so in manta, cewa ita ma ta yi allo har ta yi nisa kafin aure.

Ta riƙe wayar nesa da fuskarta, ta bi layin da yatsa, leɓenta na motsi. Ta shafa sunan sau biyu. Yatsan ya wuce ra, ya zo kan sin, ya tsaya. Ya daɗe a wurin.

“Kai,” ta ce, “ina wasalin?”

“Gara ta ci, Inna.”

“To kai wa ya gaya maka?”

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta miƙo mini wayar, ta tambaye ni yadda muke yi a wurin aikin in abu ya zo haka. Na ce akwai alamar da ake sawa, mai nuna ba a sani ba. Ta ce, “To je ka sa masa.”

Na koma laburaren a ranar. Malama ta tashi ta ba ni kujerarta. Na goge abin da na rubuta, na buga: ya [rasu?/rasa?] [rami] a Kongolam. Haka yake har yau, duk wanda ya je zai gani.

Inna ta ƙara wata bakwai a duniya. Ba ta sake tayar da zancen ba, ba ta kuma canza mini fuska ba. Sai dai ɗakina yana jikin nata, ina jin ta in ta idar da salla tana jero mutanenta. Yammacin ranar da na gyara shafin na kasa kunne. Ta zo kansa, ta ɗan tsaya, sannan ta ce, “Allah ya jiƙansa, in ya mutu.” Muryarta ta fi ta da can rauni, domin wannan karon ta ɗanɗana kwana ashirin da wani abu ba tare da “in” ɗin ba, ni na ba ta, ni kuma na karɓe.