Ƙafar Baba a Waya

Baba ya tsufa yana dillancin shanu, kuma ni 'yarsa ban taɓa ganin ƙwaurinsa a buɗe ba sai da ciwon suga ya huda masa ƙafa. Ni nake wanke gyambon a ɗakinsa a unguwar Asawase, ƙofa a rufe. Ko ni ɗin, kau da kai yake yi har in gama.

Jikarsa, 'yar marigayiya yayata, tana aikin jinya a Jamus. Ta san Baba ba ya ɗaukar maganar waya da muhimmanci, sai ta rubuto takarda ta ba wani mai dawowa gida. Da Turanci ta rubuta. Karatuna a firamare ya tsaya, don haka na yi ta maimaita ta ni kaɗai kafin in juya masa da Hausa, ina tsoron in ƙara abin da ba ta faɗa ba in ɗauki alhaki.

Ta fara da tsokanar da suka saba: "Angona, ka ce ka warke, ban yarda ba sai na gani." Sannan ta yi bayani. Akwai kiran da ake ganin juna, bidiyo kol. Wayar tana da ido gaba da baya. Duk abin da idon ya kalla shi za ta gani a lokacin, shi ma ya ga fuskarta. Ƙaramin hoton da ke gefe yana nuna masa abin da take gani. Data yake ci, kuma in sabis ya yi rauni hoton zai tsaya. Ta ce a juya idon baya kan gyambon ta ga launinsa, ta san ko lokacin asibiti ya yi. Ta rufe da cewa ita kaɗai za ta gani.

Baba ya sa na sake karanta wannan wurin.

"Ita kaɗai?"

"Haka ta rubuta, Baba."

"To. Amaryata ce. Ta gani."

Ranar da aka sa, hannuwana biyu suna kan bandeji, sai yayana ya riƙe wayar. Fuskarta ta fito. Baba ya gyara hula, ya ce, "Ke, ba sa ba ki abinci a can?" Ta ce shi ne ya rame don ba ta nan ta dafa masa. Na kwance ƙafar. Ta daina dariya, ta ce a matso da wayar kusa da haske.

A zango, unguwarmu ta Hausawa, ba a hana kowa duba mara lafiya, kuma wanda aka manta da shi sai ya yi shekara yana gori. Wannan ne a ran yayana. Na ji yana cewa, "Bari mu sa ƙanenmu na Italiya, kar ya ce an ware shi." Ashe duk wanda ke cikin kiran yana iya ƙaro wani. Takardar ba ta faɗi haka ba. Wanda aka ƙaro shi ma ya ƙaro nasa.

Kafin in ɗago, allon ya rabu gida-gida. Ƙanena na Italiya yana cin shinkafa, bakinsa duk mai, yana kallon ruɓaɓɓen naman ubansa bai ajiye cokali ba. Wata surukarmu tana cikin trotro, motar haya, a hanyar Oforikrom, ta saki murya, wani fasinja da ban taɓa gani ba ya leƙo ta kafaɗarta ya ce "Ei!" ya toshe hanci, kamar warin ya bi waya. Wata tana ta cewa a matso, ba ta gani sosai. Wani ya ce zai ɗauki hoton allon ya tura wa jama'a a yi addu'a. Na wanke ƙafar nan watanni ban ji ƙyama ba, sai ranar, kuma ba ƙafar ce ta ba ni ba.

Yarinyar tana ihu, "Kawu, wa ya ce ka sa su? Ku sauka! Ban gama gani ba!"

Baba ya ce, "Muryoyin su wa nake ji?"

Yayana ya juyo masa allon yana murmushi. "Jama'arka ne, Baba, sun zo gaishe ka."

Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya jawo bargo da kansa ya rufe ƙafar, haka nan ba bandeji. Ya ce, "Na gode. Kashe."

Jikar ta sake kira, ita kaɗai. Ta rantse, ta yi kuka. Ni ma na roƙe shi, na ce ni zan riƙe wayar, in sa sakata. Ya ce takardar ma haka ta ce. Da ƙyar ya yarda na kai shi asibiti, don likita mutum ɗaya ne a ɗaki ɗaya. Amma waya, in ta kira, sai na kife ta a kan tabarma kafin ya amsa sallama. Tana ce masa ango, yana ce mata amarya, ita tana kallon duhu.