Taki a Bayan Rijiya

Yara tara ne a kwance a ɗakin shan magani na ƙauyenmu a wancan makon, biyu daga ciki jikokina. Gudawa da amai, a farkon damina. Malamar asibiti ita kaɗai take aiki, tana dama ruwan gishiri da sukari tana ba su cokali-cokali, wari kuwa ba ya barin mutum ya tsaya a bakin ƙofa.

Da fari mangwaro ta zarga. Aka hana yara shan sa, masu ciwo ba su ragu ba. Sai ta sa liman ya yi shela a riƙa tafasa ruwan sha har ya yi ɓul-ɓul, a rufe shi. Mata suka yi ta mitar ɓarnar kara, amma suka yi. Bayan kwana goma ba a sake kawo mata kowa ba.

Kowa ya yi hamdala ya koma gona, ita hankalinta bai kwanta ba. Ta ce ta san tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, an koya musu, to amma ruwan rijiyarmu garau yake, daga ina suke shiga? Ta bi gida-gida tana tambaya. Ta tarar gidaje biyu da ake wankan jego ba su yi mara lafiya ba, don tukunya kullum tana kan wuta, a ciki kowa yake ɗiban na sha. Ashe dai ruwan ne.

Sana'ata sayar da taki. Ina sayo jujin birni mota-mota, har da abin da masu yasar masai suke zubarwa, don gero yana son sa. A filina na bayan rijiya nake jibge shi.

Ran da aka yi ruwa da safe malamar ta aiko na zo. Na same ta tsaye a gefen rijiya, ta toshe hanci da mayafi. Wani baƙin ruwa yana gangarowa daga tarina, yana bi ta inda bakin rijiya ya tsage. Igiyar guga tana kwance a cikinsa. Ta sa kara ta ɗago wani ƙunzugun jariri daga takin, tsutsotsi na zuba.

"Alhaji, wannan muke dafawa mu sha. Wuta ta kashe abin da ke ciki, amma ba ta kwashe shi ba."

Na tofar da yawu. Da ruwan nan nake kurkure baki.

A kwana uku na kwashe tarin zuwa bayan gari, rabinsa ruwa ya riga ya cinye. Na gyara bakin rijiya da siminti, malamar ta zuba maganin tsaftace ruwa. Na rasa cinikin shekarar, wasu kuma har yau ba sa karɓar goro daga hannuna. Ba a dai binne kowa ba.