Takalmin Baba Lamba Arba'in da Biyu

Da albashina na farko na saya wa Baba takalmi sau-ciki. Shekara talatin yana sayar da albasa a kasuwar Agbogbloshie, ban taɓa ganin ƙafarsa cikin rufaffen takalmi ba. A waya na ga takalmin wurin wata mata mai saye da sayarwa ta intanet. Lambar kuwa a gindin tsohon silifas ɗinsa na duba, arba'in da biyu. Ina na san silifas yana yafe wa ƙafa abin da sau-ciki ba ya yafewa?

Ranar Alhamis mai babur ya kawo shi unguwarmu Nima, bayan ya kira ni sau huɗu yana neman lungunmu. Baba ya gwada a kan tabarma. Yatsu suka shiga, diddige ya tsaya a waje. Kunya ta kama ni.

"Ya yi, uwata," in ji shi.

"Bai yi ba, Baba. Cire."

Na zauna rubuta wa matar saƙo. Kai, wasiƙar neman aiki ma ba ta wahalar da ni haka ba! Na goge sau uku. Laifina ne ko nata? Ƙarshe na rubuta: "Hajiya, barka da aiki. Takalmi ya iso, amma ya matse mahaifina. Don Allah a canja mini da arba'in da uku."

Sai washegari ta amsa da tambayoyi. Lambar odata? Abin da na zaɓa aka kawo, ko su suka yi kuskure? Arba'in da uku na nan guda ɗaya tak, amma sai in ba a taka wannan a waje ba. In turo hoton kwali, da ƙasan takalmi, da bayansa.

Daga wurin aiki na garzaya gida, na buɗe kwali. Wayam. Na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan buhun albasa, har maƙwabta na tambaya. Kaina ya kulle. Wa zai saci takalmi ya bar kwali?

Ina tsaye da waya a hannu Baba ya shigo daga Juma'a. Takalmin na ƙafarsa. Ya take bayansa ya kwantar, yadda kowane dattijo a zango yake yi don sauƙin cirewa a ƙofar masallaci. Fatar ta karye, ƙasan duk laka.

"Baba! Yanzu ba za su karɓa ba!"

"Su wa?"

"Mai takalmin. Babba za ta ba mu."

Ya dube ni kamar na yi masa Turanci. "Ai na riga na nuna wa kowa a masallaci. Na ce 'yata ce ta saya mini. In je in ce musu an mayar?"

Wayata ta yi ƙara, matar tana tambayar hotuna. Na rubuta: "Hajiya, a bar shi. Ya yi."