Tambaya Mai Maki Biyu

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tun tana budurwa take buga takardu a ofishin wata makarantar sakandare, har furfura ta fito mata a kan kujerar nan. Mace ce mai baki, ba ta bari ta kwana, ko shugaban makaranta lallaɓa ta yake yi. Amma rubutun hannunta, kai, sai ka rantse inji ne ya buga. Shi ya sa duk lokacin jarrabawar kammala sakandare, in akwai wanda ba ya iya riƙe biro, makaho ko mai karaya, ita ake kira ta rubuta masa.

Aikin da doka. Ana ba su ɗaki daban, da mai sa ido guda. Abin da ɗalibi ya faɗa shi za ta rubuta, ba ƙari ba ragi. Ba shawara, ba gyaran murya, ba nuni da ido. In bai ce ta maimaita tambaya ba, ba ta maimaitawa. Ku duba fa, matar da ko ƙuda ya gifta sai ta tanka masa, ita aka ba aikin yin shiru!

A gida kuwa fanshewa take a kanmu. In muna shirin jarrabawa sai ta ja kunnenmu: "Lambar nan da ke gefen tambaya ba ado ba ce. Maki biyu, abu biyu za ku faɗa ku wuce. Maki ashirin, nan ne za ku baje kolinku. Ku raba lokaci yadda aka raba maki, 'yan nema!" Mu yi ta dariya muna kwaikwayonta a bayan ido.

Wata shekara aka kawo mata wani magidanci, mai walda ne a da. Gobara ta nannaɗe masa yatsun hannayensa duka biyu, ko kofi da tafukansa yake tallafowa. Walda ta ƙare ke nan. Wata makarantar koyon sana'a ta yi masa alkawarin aikin koyarwa in ya kawo takardar sakandare cikakkiya kafin sabon zango, kuma darasi ɗaya ya rage masa, kimiyyar lafiya. Ko ya ci a bana, ko a ba wani gurbin.

Mutumin nan ya san abin da yake yi. Da aka ba da takardar sai ya ce Gwaggo ta shimfiɗa ta gabansa, ya bi gefen dama da ido yana duba makin kowace tambaya.

"Malama," ya ce, "ƙananan nan gajere-gajere za mu yi musu. Manyan biyun nan na ƙarshe, ashirin-ashirin, su za mu ajiye wa lokaci."

Gwaggo ta ce a ranta, yauwa, yau Allah ya haɗa ta da mai hankali. Suka fara. Mai maki ɗaya, kalma ɗaya. Mai maki uku, ya jero abu uku ya ce a wuce. Biro na tafiya lafiya lau, fanka na juyawa a sama, mai sa ido har ta fara hamma.

Sai suka iso wata 'yar tambaya: a kawo abubuwa biyu da ke haddasa gobara a gida. Maki biyu.

"Barin kyandir a kunne," in ji shi. "Da ajiye fetur a ɗaki."

Shi ke nan, amsa ta cika. Gwaggo ta ɗaga biro tana jiran ya ce a wuce. Bai ce ba. Ya zura wa takardar ido, can ya ce, "Rubuta. Musamman in an ajiye shi a ƙarƙashin gado, don kada a sace."

Ta rubuta.

"Rubuta: fetur ɗin na janareton shago ne. Uwar yarinyar ta ce a fitar da shi, aka ce mata gobe."

Gwaggo ta ɗago ta dube shi. Labarin hannun ta sani, amma ba wanda ya gaya mata akwai yarinya, 'yarsa, a cikin gobarar. Shi kuwa ya ci gaba, murya a kwance kamar mai karanta darasi. Ya faɗi shekarun yarinyar, huɗu. Ya faɗi yadda take tsoron duhu, shi ya sa ake bar mata kyandir in an ɗauke wuta. Ya faɗi inda yake tsaye a ƙofar gida yana hira da maƙwabci, da irin ƙarar da ya ji, da yadda mariƙin ƙofar ɗakin ya yi ja, shi mai walda ya san ma'anar wannan jan, amma ya kama. Kowace jimla sai ya fara da "rubuta", ya jira ta gama, sannan ya ɗora.

Shafi ya cika, ta juya. Agogon bango yana gabanta, manyan tambayoyin nan biyu suna jira, maki arba'in ba a taɓa ba. Ɗan yatsanta na hagu yana daf da lambar biyun nan. Ƙwanƙwasawa ɗaya ta isa, wallahi da ya farka. Mai sa ido ta daina hamma, ta sunkuyar da kai. Gwaggo ta ce mini har yau ba ta san me ya riƙe mata yatsa ba, dokar ce, ko kuwa ganin mutumin bai taɓa faɗa wa kowa wannan maganar ba. Ta dai ci gaba da rubutu, hawaye na ɗiga, tana kare takardar da gefen mayafi kada tawada ta ɓaci.

Sai da mai sa ido ta sanar lokaci ya kusa cika ya yi firgigit. Ya kalli shafukan, ya kalli agogo.

"Innalillahi," ya ce. "Maki biyu ne, ko?"

Ko wannan ba ta da ikon amsawa sai da karanta abin da aka buga. Ta karanta masa: maki biyu. Suka afka wa babbar tambaya ta farko, ya samu layi kaɗan aka ce a ajiye biro. Ta biyun ko lambarta ba a rubuta ba.

Bai ci ba. Aka ba wani gurbin.

Tun daga shekarar Gwaggo ta canza. Aikin ba ta bari ba, amma duk ranar da za ta shiga ɗakin nan ba ta iya cin abinci. Faɗan maki da take mana ma ya mutu. In ta ga ƙannena na bita sai ta tsaya a kansu, ta buɗe baki, ta fasa. Ni na fi son zaginta da wannan shirun, don tsoro yake ba ni.

Bayan fitowar sakamako mutumin ya zo ofishinta. Ta ɗauka ƙorafi ya kawo, ta ma shirya ta karɓi laifin da ba ta tabbatar nata ba ne. Ya gaishe ta da ladabi, ya ƙi zama.

"Malama, takardar nan, ana iya dawo mini da ita?"

Ta ce ba a dawowa. Can ake ajiye su na wani lokaci, sannan a lalata.

Ya gyaɗa kai. "Wanda ya duba fa? Ya karanta har ƙarshe?"

Gwaggo ba ta iya ƙarya ba, ko ta sauƙi. Ta ce, "Bawan Allah, mai dubawa takardu ne jibge a gabansa. Abu biyu yake nema. Ya same su a layin farko, ya ba ka makinka biyu cif."

"Ya wuce ke nan."

"Ya wuce."

Sannan ya ce, "Ko uwarta ban gaya wa ina ƙofar gida ina hira ba. Na ce mata ina shago. To, Malama, ke ce kika rubuta, yana wurinki ke nan."

Ya tura ƙofa da kafaɗa ya fita, bai sake dawowa ba. Gwaggo ta yi ritaya tuni, idonta ma ya yi rauni, sunayen jikokinta sai ta yi ta lalube. Amma ranar da ta ba ni labarin nan, shafukan duka ta karanto mini da ka, jimla bayan jimla, tana fara kowacce da "rubuta".