Shanu Bakwai a Rugar Dingaya

Ranar da aka ba ni aikin, watana biyu ke nan da kama aiki a ofishin dabbobi na Birnin Kudu, a shekarun bayan yaƙin basasa. Ƙaramin malamin allura ne ni, da kakina mai sitaci da takardar kwas ɗin wata shida wadda nake ji da ita fiye da kima. Ciwon huhu ya ɓulla a shanun ƙasar Gwaram, ana ta kawo labarin mace-mace, sai aka aiko mana da kwalaben rigakafi daga wajen Jos, muka jera su a firji mai kananzir.

Babban malaminmu dogo ne, marar yawan magana, ba ya faɗin abu sau biyu. Ya kira ni ya ce, "Gobe za mu Gwaram. Ni zan tsaya cikin gari, kai ka ɗauki keke ka shiga wata ruga da ke bayan Dingaya. Akwai wani dattijo can, shanunsa goma sha ɗaya suka rage, da ƙyar na shawo kansa ya yarda. Allurar huhu za ka yi musu. Ka san ta ai?"

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

Wallahi ban sani ba. Makon da aka koyar da ita a kwas ina kwance da shawara, idona ya yi ruwan ɗorawa. Wadda na iya ita ce ta cutar bushiya, wadda ake ɗaga fatar wuya a soka, na yi wa shanu ita har ban san iyaka ba. Ta huhu kuwa ko kwalbarta ban taɓa riƙewa ba. Abu ɗaya na tsinta a bakin abokan kwas: wai allura ce mai rai, idan aka yi ta ba daidai ba ita da kanta take kashe saniya.

To me ya hana ni buɗe baki? Mu dai haka aka tashe mu, babba ya yi magana ka ce to, sauran ka nemo a bayan idonsa. Ban da haka, a makon da na zo na ga yadda babban malam ya yi da wani abokin aikinmu da ya tambaye shi yadda ake dafa sirinji. Kallonsa ya yi ya ce, "Me aka koya maka a Kano, cin gurasa?" Aka kwashe da dariya, bayan kwana kaɗan aka tura bawan Allah duba fatu a mayanka. Ni kuwa ba a ma tabbatar da ni a aiki ba tukuna.

Sai na shiga dabara, irin dabarar da har yau idan na tuna nake jin haushin kaina. Na je wurin mai kula da sito, na jingina da ƙofa kamar hira ta kawo ni, na ce, "Malam, wannan ta bana awonta bai canza ba ko?"

Ya ce, "Yana nan yadda yake, rabin zanen farko na sirinji. Ka dai kiyaye ta da rana."

Na samu awo. Saura wurin da ake sokawa, amma tunda na riga na nuna masa na san ta bara, da wane baki zan ce a ina ake yi? Na ɗauki kwalba ɗaya na jujjuya, takardar jikinta suna ne kawai da lamba da ranar lalacewa. Na ce wa raina rigakafi ai rigakafi ne, saniya kuma wuya gare ta. Na mayar da kwalbar.

Washegari a Landiroba ina zaune a baya tare da akwatunan ƙanƙara, ina kallon ƙeyar babban malam. Sau uku na gyara murya. A hanya muka wuce wani fili inda aka feɗe saniya, ungulaye sun yi layi a kan kuka, direba ya ce tun satin jiya kullum sai ya ga haka. Da muka isa Gwaram aka sauke mini keke, aka ɗaura ƙaramin akwati a kariyar bayansa. Babban malam ya ce, "Akwai wani abu?" Na ce babu.

Na isa rugar hantsi ya ɗaga. Dattijon ya tarbe ni da ƙwaryar nono, ɗan siriri ne mai farin gemu, sandarsa a kafaɗa. Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Da arba'in muke, ga abin da Allah ya bari." Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gaya mini wace ta haifi wace. Akwai wata fara mai ciki, ya dafa bayanta ya ce ita ce ya ware wa 'yarsa da za ta tare bayan girbi. Manyan 'ya'yansa biyu suka kawo igiya.

Na zuƙo ruwan, launinsa kamar shayi marar madara. Suka riƙe ta farko, na ɗaga fatar wuya na soka. Da na ɗago sai na ga dattijon ya kalli babban ɗansa, ɗan ya sunkuyar da kai. Ta biyu, ta uku, wurin ya yi tsit, sai ƙarar ƙudaje. Farar mai ciki ita ce ta biyar. Na sani sarai shirun nan ba na lafiya ba ne, amma maimakon in tsaya sai na ƙara sauri, wai don su ga ƙwarewa. Kai, yarinta ba ta yi ba!

Ina zare allura daga ta bakwai dattijon ya matso kusa da ni, ya rage murya don kada 'ya'yansa su ji. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da tambayar jahili. Wancan malamin da ya zo shekarun baya, a kan wutsiya yake yin ta huhu. Ko an canza ne bana?"

Na ce, "Baffa, ku saki sauran. Ina zuwa."

Ban san yadda na tuƙa keken nan na koma Gwaram ba. Na tarar da babban malam a gindin wata tsamiya yana duba garken wani mahauci. Duk hanya ina shirya yadda zan lulluɓe maganar, amma da na tsaya gabansa sai ta fito tsirara. Na ce, "Ranka ya daɗe, ta bushiya na iya, ta huhu ban taɓa yi ba. Awon na sani. Wurin sokawa ne ban sani ba, a wuya ne ko a wutsiya?"

Na jira tsawa. Bai yi ba. Ya kama wutsiyar wani bijimi, ya buɗe gashin can kusa da ƙarshe, ya nuna mini da yatsa. Ya ce, "Nan. Fatar wurin a ɗame take, ga sanyi, maganin ba ya samun wurin yaɗuwa. Ko ya yi tsanani, wutsiya za a rasa. A wuya kuwa nama ne sako-sako, kumburi zai bi shi har ƙirji." Duka bayanin bai kai shan ruwa kofi ɗaya ba. Sannan ya saki wutsiyar ya dube ni. "Ka riga ka yi?"

"Na yi."

"Nawa?"

"Bakwai."

Can ya ce, "Wanda ya ce mini ga abin da ya iya, ga inda ya tsaya, wannan ma'aikaci ne, minti ɗaya zan nuna masa. Wancan da na kora zuwa mayanka, wata biyar yana ce mini ya iya dafa sirinji, sai da ƙurji ya fito wa shanun mutane. Kai ma ga shi ka bi sahunsa." Na tambaye shi ko akwai abin da za a yi yanzu. Ya ce babu mai zaro ruwan da ya shiga, sai dai a sa ido, nan da kwana goma zuwa ashirin za a gani. Muka koma rugar tare, ya yi wa huɗun da suka rage da hannunsa ina kallo, ya ce wa dattijon an yi kuskure, ya bar ni a Dingaya in riƙa duba su kullum.

Kwana tara ba komai. Kowace safiya in shafa wuyan bakwai ɗin nan in ji ba kumburi, har na fara cewa ko Allah ya rufa asiri. Dattijon bai fasa ba ni nono ba, wannan ya fi komai ci mini rai. A rana ta goma sha ɗaya na ji wani tauri mai zafi a wuyan wata ja, kamar faɗin tafin hannu. Kafin kwana uku, shanu huɗu sun kumbura. Na aika Gwaram, babban malam ya zo da allurar magani ya yi musu. Biyu suka sauka a hankali. Jar da farar mai ciki kuwa kumburin ya gangara ƙasan wuya ya cika ƙirji, suka daina kiwo, suna tsaye da ƙafafu a ware, numfashinsu ana jinsa daga bukka. Jar aka riga yankawa. Farar kuwa dattijon ya hana a taɓa, yana cewa a ba ta gobe, har ranar da ta durƙusa ta kasa tashi.

Bayan an yanka ta, la'asar sakaliya, ya kira ni gefe muka zauna a kan wani kututture. Na ɗauka ranar zai zage ni, kuma da na ji daɗi da ya yi. Ya ce, "Malam, tambaya ɗaya zan yi maka, don Allah ka gaya mini gaskiya. Ranar nan, ka sani ko ba ka sani ba?"

Na ce, "Ban sani ba, Baffa. Kunyar tambaya na ji."

Ya gyaɗa kai, yana kallon inda 'ya'yansa ke shanya fatar. Ya ce, "Tun ta farko na gani. Na ce mutum ya zo da kayan gwamnati da karatunsa, in tsayar da shi a gaban 'ya'yana in kunyata shi? Sai na yi ta ƙirga, ina cewa bari ya yi ɗaya kuma." Ya goge idonsa da bakin rawani. "Ita ce ta biyar, Malam. Ni na riƙe maka ƙahonta."