Hannun Chindo a Shafin Ƙungiya

Chindo maƙwabcina ne a Bazaga, mai haƙar rijiya. Igiyar guga ta cire masa ɗan yatsan tsakiya na hannun dama tun muna samari. Duk wanda ya taɓa gaisawa da shi ya san hannun nan. Da yana da ƙarfi, a ƙofar gidansa matafiya ke shan ruwa da azumi. Yanzu gwiwa ta hana shi shiga rami, gero kuma bai yi ba bara. Bai gaya wa kowa ba, har ɗansa Imrana da ke aikin gini a Aljeriya.

Ƙungiyarmu ta taimakon juna tana raba kunu da ƙosai kafin magariba. Mu dattawan ƙungiya muka shirya a riƙa miƙa wa Chindo nasa ta bayan danga, kada a gani.

Humaira, malamar lakwal, wato makarantar boko, ita ke riƙe da shafinmu na Fesbuk. Kowace safiya takan sa tunatarwa: azumi na nawa ake ciki, gajeriyar nasiha, da hoton rabon jiya, don 'yan gari da ke waje su ga inda taimakonsu ke zuwa. Tana da kula. Ba ta ɗaukar fuska, sai hannuwa da kwanoni. Mu ma muka yarda da hakan.

Wajen tsakiyar wata ta sa hoton hannu yana karɓar kwano, ta rubuta: "Ka tuna da maƙwabcinka." Kafin azahar wani ya rubuta a ƙasa: "Allah sarki, Baba Chindo!"

Humaira ta same ni a runfar masallaci.

"Baba, na goge. Amma an riga an tura shi ko'ina a Watsaf."

Da la'asar na shiga wurin Chindo. Yana zaune, tarho a gefen tabarma.

"Imrana ya kira, kuka yake kamar ɗan yaye. Wai abokan aikinsa suka nuna masa." Ya ɗaga hannun yana dubawa. "Kai Sallau, ashe na yi suna. Har Aljeriya an san ni."

Ya yi dariya shi kaɗai. Ni ƙasa nake kallo.

"A yi haƙuri, Chindo."

"Yarinyar ba ta da laifi, ka gaya mata. Amma kada a sake kawowa."

Na ce ko don iyalinsa. Ya ce ya ji, ya gode.

Washegari Humaira ta sa tunatarwa babu hoto, haka har Salla. Sai dai wasu gidaje uku da muke kai wa a ɓoye su ma suka aiko cewa sun ƙoshi. Ran nan da aka kira magariba muna zaune mu dattawa, ragowar kunu na hucewa a tukunya, ba wanda ya iya miƙa hannu ya ɗiba.